Ƙafafu Biyu da Ba Waya Tsakaninsu: Yadda Ofam Ke Ninka Lantarki

Duk wanda ya taɓa leƙa cikin sitabilaiza, ko inbata, ko amfilifayar da ake haɗa wa lasifikar masallaci, ya ga wasu ƙananan baƙaƙen aisi masu ƙafa takwas ko goma sha huɗu a manne jikin allo. In ka kai ido kusa za ka ga lambar da aka buga musu: LM358, LM324, TL072, ko tsohon nan 741 wanda kamfanin Fairchild ya fitar a 1968 kuma har yau ana sayar da shi. Yawancin waɗannan dangi ɗaya ne, masu sana'ar lantarki na kiran su ofam. Kakanninsu manyan na'urori ne masu kwalaben lantarki, da aka yi amfani da su a shekarun 1940 wajen tarawa da ɗebewa a cikin injinan lissafi, kafin a matse su su koma ƙanƙane haka.

A cikin kowane ofam akwai tiransisto wajen ashirin ko fiye. Amma abin mamaki shi ne, wanda zai yi aiki da shi ba ya bukatar sanin ko ɗaya daga cikinsu. Da rizista biyu da lissafin da bai wuce na ƙaramar sakandare ba, mutum zai faɗi daidai abin da zai fito a ƙafar fita tun kafin ya haɗa batir.

Ofam yana da ƙofar shiga biyu da ƙofar fita ɗaya, ban da ƙafafu biyun da ake ba shi wuta. Ɗaya ƙofar shigar tana da alamar tarawa, ɗayar kuma alamar ɗebewa. A LM358 da 741 duka, ƙafa ta 3 ce mai alamar tarawa, ta 2 kuma mai alamar ɗebewa. Fitar ce ta bambanta, ƙafa ta 1 a rabin farko na LM358, ta 6 a 741. Aikinsa guda ɗaya tak: ya dubi boltej ɗin da ke ƙafar tarawa, ya ɗebe na ƙafar ɗebewa, ya ninka abin da ya rage da wata babbar lamba, ya fitar.

```
Vout = A × (V+ − V−)
```

A nan `Vout` shi ne boltej ɗin fita, `V+` da `V−` su ne na ƙofofin shiga biyu, duk ana auna su daga layin sifili na sakit ɗin. Ita kuwa `A` ita ce ninkin aisin na kansa, kuma a nan rigimar take. A 741 takan kai wajen 200,000, a LM358 wajen 100,000. Wato in bambancin ƙafafun biyu ya kai milibolt ɗaya kacal, kashi ɗaya cikin dubu na bolt, lissafi ya ce LM358 zai fitar da bolt 100. Ina zai same su, alhali batir mai bolt 12 aka ba shi? Sai dai fitar ta haura har inda wutar ta ƙare ta maƙale a can. In bambancin ya juya, ta faɗo ƙasa ta maƙale. Ga shi kuma lambar ba ta da alƙawari: aisi biyu daga leda ɗaya na iya bambanta ninki biyu, zafi ma yana sauya ta. Amfilifaya irin wannan, in an bar ta haka, ba mai iya dogara da ita.

Maganin ya girmi ofam ɗin kansa. A 1927 wani injiniya mai suna Harold Black, wanda ke aiki a Bell Labs a Amurka, yana fama da amfilifayoyin layin tarho mai nisa da ke gurɓata murya. Sai dabara ta zo masa: a gina amfilifaya mai ninkin da ya wuce bukata nesa ba kusa ba, sannan a ɗebo wani kaso na abin da ta fitar a mayar mata ta hanyar da zai rage abin da ke shiga. An yi asarar ninki, amma abin da ya rage ya zama tabbatacce. Wannan ita ce mayarwa mai ragewa, kuma a ofam ana yin ta ne da rizista daga ƙafar fita zuwa ƙafar ɗebewa.

Aisin da babu shi

Don lissafi ya yi sauƙi, injiniyoyi sukan ƙaddara wani ofam marar aibi, wanda ba a taɓa ƙerawa ba. Ana ɗauka ninkinsa `A` ba shi da iyaka. Ana ɗauka ƙofofin shigarsa ba sa shan ko ɗigon lantarki, suna dai ganin boltej ɗin da ke kansu ne kawai. Ana kuma ɗauka ƙofar fitarsa na iya riƙe boltej ɗinta komai nauyin abin da aka rataya mata, yana aiki da sauri komai saurin siginar, kuma in ƙofofin shiga biyu sun yi daidai fitarsa sifili ce cif.

Biyun farko su ne ke ɗauke da nauyin lissafin. Na biyu, wato rashin shan lantarki, kusan gaskiya ne: ƙofar 741 na jan wajen nano-amfiya 80, abin da bai kai kashi ɗaya cikin dubu goma na miliamfiya ba, aisi irin TL072 kuwa ya fi haka ƙanƙanta sosai. Na farkon shi ne ya fi bukatar a tsaya a kansa.

Mu juya lissafin ɗazu. In `Vout` daidai yake da `A` sau bambanci, to bambancin daidai yake da `Vout` raba `A`. A ce fitar tana zaune a bolt 4.4, ba ta maƙale sama ko ƙasa ba, kuma `A` 100,000 ce. Bambancin ƙafa ta 3 da ta 2 zai zama maikirobolt 44, wato kashi 44 cikin miliyan na bolt ɗaya. Mitar hannu ta yau da kullum ba za ta ma nuna shi ba. Gwargwadon girman `A`, gwargwadon ƙanƙantar bambancin, kuma a aisi marar aibi ya zama sifili. Saboda haka ake cewa ƙafafun biyu suna kan boltej ɗaya.

```
V+ = V−
```

Wannan shi ake kira shot na ƙarya. In waya ta haɗe wurare biyu da gaske, boltej ɗinsu yakan zama ɗaya kuma lantarki na bi ta wayar. A nan kuwa boltej ɗin ɗaya ne amma ba abin da ke bi tsakaninsu, don ba waya. To me ya daidaita su?

Ka dubi mai awon shinkafa da sikeli mai faranti biyu. Ya ɗora dutsen awo a faranti ɗaya, yana zuba shinkafa a ɗayan, idonsa na kan allura. Ta karkata nan, ya ƙara. Ta karkata can, ya rage. Duk lokacin da ka zo wucewa za ka tarar farantan a daidai, amma ba don an ɗaure su da juna ba. Hannun mai awon ne ke riƙe da su a haka. Ƙafar fita ita ce hannun, rizistar mayarwa ita ce hanyar da hannun ke kaiwa ga faranti, girman `A` kuma shi ne kaifin idonsa. Daga nan za a ga sharuɗɗan da littattafai da yawa ke wucewa a kansu da gudu. Dole hannun ya kai ga farantin, kuma farantin da ya dace. Dole kuma shinkafa ta ishe shi: in buhu ya ƙare kafin a kai nauyin dutsen, sikelin zai zauna a karkace komai ƙwarewarsa. A ganina duk ɗalibin da ya haddace cewa ƙafafun biyu daidai suke, bai haddace waɗannan sharuɗɗa tare da ita ba, rabin darasi ya ɗauka.

Ninki ba tare da juyawa ba

Mu ɗauki aiki na gaske. Akwai wata 'yar na'urar auna zafi mai ƙafa uku, LM35, wadda ke fitar da milibolt 10 a kan kowane digiri ɗaya na ma'aunin Salshiyos. A zafin digiri 40, irin na watan Afrilu a Sakkwato ko Maraɗi, tana ba da bolt 0.4. Muna so mu ƙara girman wannan don a ji daɗin karanta shi. Muna da LM358, da batir mai bolt 12, da rizista biyu: `R1` mai kilo-om 1 da `Rf` mai kilo-om 10.

Sai mu kai wayar LM35 kai tsaye ƙafa ta 3. Mu ɗora `Rf` daga ƙafa ta 1 zuwa ta 2, sannan `R1` daga ƙafa ta 2 zuwa layin sifili. Shi ke nan haɗin.

Kafin lissafi, mu bi abin da ke faruwa da zarar an kunna. Fitar tana sifili, don haka ƙafa ta 2 ma tana sifili, ta 3 kuwa tana 0.4. Bambanci ne babba, sai fitar ta fara hawa. Rizistocin biyu suna jere ne tsakanin fita da layin sifili, jimlarsu kilo-om 11, kuma ƙafa ta 2 tana kan mahaɗarsu, don haka kashi ɗaya cikin 11 na fitar take samu. Lokacin da fitar ta kai bolt 2.2, ƙafa ta 2 na da 0.2. Da saura, sai ta ci gaba. In da za ta zarce zuwa 5.5, ƙafa ta 2 za ta kai 0.5, ta fi ta 3, bambancin ya juya, fitar ta sauko. Wuri ɗaya ne kawai za ta iya zama, inda kashi ɗaya cikin 11 nata ya yi daidai da 0.4, wato bolt 4.4. Duk wannan kai-komo yana ƙarewa kafin ƙiftawar ido.

Yanzu a yi shi da ƙa'idojin biyu, ba tare da bin labarin ba. Dokar Ohm ce kawai za mu ara: lantarkin da ke bi ta rizista daidai yake da boltej ɗin da ke tsakanin bakunanta biyu raba turjiyarta. Shot na ƙarya ya ce ƙafa ta 2 tana kan `Vin`, wato 0.4. To `R1` na da 0.4 a baki ɗaya da sifili a ɗayan, don haka miliamfiya 0.4 ke bi ta cikinta. Daga ina wannan lantarki ya fito? Ba daga ƙafa ta 2 ba, tunda ƙofar shiga ba ta sha kuma ba ta bayarwa. Hanya ɗaya ce ta rage, ta `Rf`, daga ƙafar fita. Miliamfiya 0.4 a cikin kilo-om 10 na bukatar bolt 4. Ƙafar fita ke nan ta fi ƙafa ta 2 da bolt 4, jimla 4.4. In an rubuta da haruffa:

```
I = Vin / R1
Vout = Vin + I × Rf
Vout / Vin = 1 + Rf / R1
```

Ninkin 11 ne, ba 10 ba. Wannan ɗayan da ke gaba, wanda masu koyo ke yawan mantawa, shi ne `Vin` ɗin da ƙafa ta 2 ke zaune a kai tun farko, aka ɗora boltej ɗin `Rf` a samansa. Shi ya sa wannan haɗi ba ya iya ba da ninkin da bai kai ɗaya ba. In ma aka cire `R1` aka haɗa fita da ƙafa ta 2 da waya, ninkin ya zama ɗaya cif. Kamar aikin banza, amma ba haka ba ne: ana sa shi tsakanin sigina marar ƙarfi da abin da zai ja lantarki, domin ƙafa ta 3 ba ta ɗora wa siginar wani nauyi, fitar kuma na da ƙarfin ciyar da na gaba.

Ka lura `A` ta ɓace daga amsar. Wannan ce ribar dabarar Black, kuma ana iya auna ta. In ba a ƙaddara komai ba, aka yi lissafin da `A` ta gaske, ninkin shi ne 11 raba abin da aka samu in an tara ɗaya da 11 bisa `A`. Da `A` 100,000 ana samun 10.9988. In aka sa wani aisin mai rabin wannan, 50,000, ana samun 10.9976. An zubar da rabin ƙarfin aisin, amsar ba ta motsa ba sai a lamba ta uku bayan ɗigo. Kwatanta wannan da rizistocin kansu: masu zoben zinare a jiki na iya kauce wa ƙimarsu da kashi 5 cikin 100, abin da zai iya kai ninkin ko'ina tsakanin 10 da 12. Wanda ya auna ya ga 4.6 maimakon 4.4, ya fara tuhumar rizista kafin aisi. In aikin na son daidaito, masu kashi 1 cikin 100 ake saya.

Ninki mai juyawa

Da rizistocin nan biyu za mu sake wani haɗin. `Rf` na nan inda take, daga fita zuwa ƙafa ta 2. Abin da ya sauya shi ne, ƙafa ta 3 yanzu ta koma layin sifili, siginar kuma tana shigowa ta ƙarshen `R1` wanda ɗazu ke kan sifili. Wato musanya wuri kawai aka yi tsakanin sigina da layin sifili.

Tunda ƙafa ta 3 tana sifili, shot na ƙarya ya ce ƙafa ta 2 ma tana sifili, ko da yake ba a haɗa ta da layin ba. Sifilin aro ne, ofam ke riƙe da shi. Mu sake sa bolt 0.4. `R1` na da 0.4 a bakin waje da sifili a bakin ciki, don haka miliamfiya 0.4 ke kwararowa zuwa mahaɗar ƙafa ta 2. Ya iso, ina zai je? Aisin ba ya sha. Layin sifili na gaske kuma ba ya nan. Dole ya zarce ta `Rf` zuwa ƙafar fita. Lantarki kuwa daga boltej mai yawa yake bi zuwa marar yawa, don haka kafin miliamfiya 0.4 ya bi ta kilo-om 10 daga wurin da ke sifili, sai ƙafar fita ta sauka bolt 4 ƙasa da sifili.

```
I = Vin / R1
Vout = 0 − I × Rf
Vout / Vin = − Rf / R1
```

Ninkin 10 ne, da alamar ɗebewa a gaba. Shiga ta hau, fita ta sauka. Shiga ta sauka ƙasa da sifili, fita ta hau sama. A siginar murya kunne ba ya jin wannan juyi, amma a awon zafi ko na batir yana da muhimmanci. Babu ɗayan nan na ɗazu, domin wannan karon ƙafa ta 2 a kan sifili take zaune, ba a kan `Vin` ba. Saboda haka wannan haɗi yana iya ragewa ma: in `Rf` ta fi `R1` ƙanƙanta, abin da ya fito bai kai abin da ya shiga ba.

Akwai kuɗin da ake biya a nan wanda ba a biya a haɗin farko. Can siginar tana shiga ƙafar da ba ta shan komai. Nan kuwa tana tura lantarki ta `R1` zuwa sifilin aro, don haka a wurinta daidai yake da an rataya mata kilo-om 1. In abin da ke ba da siginar na da tasa turjiyar a ciki, a ce om 600, to ta shiga layi ɗaya da `R1`, kuma ninkin ya koma 10 raba 1.6, wato 6.25. Mutum zai yi ta duba haɗinsa bai ga kuskure ba, alhali kuskuren yana wajen allon. Shi ya sa a aikace aka fi zaɓar kilo-om 10 da 100, ninkin bai sauya ba amma nauyin ya ragu sau goma.

Me ya sa ake son haɗin duk da haka? Saboda sifilin aron nan. A na'urar haɗa sauti, inda makirfo uku ko huɗu ke shiga amfilifaya ɗaya, kowace sigina na zuwa ta rizistarta zuwa ƙafar ɗebewa. Tunda mahaɗar ba ta motsawa daga sifili, ba siginar da ke tura 'yar uwarta baya. Lantarkinsu yana taruwa ya bi ta `Rf`, fitar ta zama jimlarsu.

Tarkon da ya fi kama masu koyo a nan shi ne wuta. LM358 ɗinmu batir ɗaya muka ba shi, ƙafa ta 8 a bolt 12, ta 4 a sifili. Lissafi na neman bolt 4 ƙasa da sifili, aisin kuwa ba shi da inda zai samo su. Fitar za ta sauka kusa da sifili ta tsaya. Wanda ke son ganin amsar nan sai ya ba aisin wuta mai ɓangare biyu, misali batir biyu masu bolt 9 a jere, ya ɗauki tsakiyarsu a matsayin layin sifili, ƙarshe ɗaya ya je ƙafa ta 8, ɗayan ya je ta 4.

Inda ƙa'idar ke sakin hannu

Mu koma ma'aunin zafinmu mai ninki 11. A ce maimakon batir mai bolt 12 an ba shi bolt 5 daga cazar waya. LM35 za ta yi aiki. Amma fitar LM358 ba ta kaiwa saman wutar da aka ba shi, takan tsaya wajen bolt ɗaya da rabi ƙasa da ita, wato kusan 3.5. Da sassafe, zafi na digiri 25, fitar na nuna 2.75, komai lafiya. Hantsi ya yi, zafi ya wuce digiri 32, sai fitar ta tsaya a wajen 3.5 ta ƙi gaba. Da azahar, a digiri 40, ƙafa ta 3 na da 0.4, ƙafa ta 2 kuwa kashi ɗaya cikin 11 na 3.5 take samu, wajen 0.32. Bambancin ya zama milibolt 80, wanda kowace mita za ta nuna. Buhun mai awo ya ƙare. Aisin bai lalace ba, kuma sauya shi ba zai gyara komai ba. Ko dai a ƙara wutar, ko a rage ninkin: `Rf` mai kilo-om 4.7 za ta ba da 5.7, kuma a digiri 40 fitar za ta tsaya a 2.28.

Sauran zace-zacen ma suna da ranar da suke bayyana. Ƙafafun shiga biyu na aisi na gaske ba su yi kunnen doki cif ba, akwai ɗan karkata na haihuwa, wajen milibolt 2 a LM358, kuma ana ninka shi tare da siginar. A ninki 11 ya zama milibolt 22, daidai da kuskuren kashi biyu cikin goma na digiri, wanda ba zai dami kowa ba. A ninki 1,000 kuwa ya zama bolt 2 a fita tun ba a sa komai ba. Haka nano-amfiya 80 ɗin 741: a rizista mai kilo-om 10 ba a jin ɗuriyarsu, amma a mai mega-om 1 suna haifar da milibolt 80.

Sai batun sauri, wanda ya fi shafar masu aikin sauti. Wancan 200,000 na 741 na sigina ne mai tafiyar hawainiya. Da siginar ta ƙara saurin kaɗawa, `A` na raguwa, ta yadda in ka ninka ta da saurin kaɗawar za ka riƙa samun wajen miliyan ɗaya. A hats 20,000, iyakar jin kunnen ɗan Adam, `A` ta dawo wajen 50. Wanda ya zaɓi rizistocin da za su ba shi ninki 100 ba zai samu ba a can, tunda aisin kansa 50 gare shi. Alamar ita ce sauti ya fito a dushe, siraran muryoyi sun yi ƙasa. Gyaran da aka saba shi ne a raba aikin gida biyu, kowane ofam ya ninka sau 10.

Duk wannan ya ba mai gyara wani gwaji mai arha. A allo mai ƙaramin boltej (a inbata da sitabilaiza akwai wuraren da ke kisa, wannan aikin gwani ne), a fara tabbatar da wuta ta isa ƙafafun wutar aisin. Sannan a sa mita a ma'aunin milibolt tsakanin ƙafar tarawa da ta ɗebewa. In ta nuna sifili ko 'yan milibolt, mayarwa na aiki, kuma in amsar ba daidai ba ce sai a auna rizistoci. In ta nuna babban bambanci, a duba fitar. Idan ƙafar tarawa ce a sama kuma fitar ta maƙale a sama, ko ta ɗebewa ce a sama kuma fitar ta maƙale a ƙasa, aisin na yin abin da ya kamata, matsalar tana waje: ko wutar ta yi kaɗan, ko siginar ta yi yawa, ko `Rf` ta yanke ko dalmarta ta saki, ko kuma an kai ta ƙafar tarawa bisa kuskure, inda maimakon ta rage bambancin sai ta ƙara shi. Sai in ƙafar tarawa ce a sama amma fitar na ƙasa, ko akasin haka, sannan ake da hujjar zargin aisin.

Kafin a cire shi ma, a bi layukan allon a ga ko akwai wata hanya daga fita zuwa ƙafar ɗebewa tun asali. A sitabilaiza da yawa LM358 ko LM324 ba ninki yake yi ba, kwatanta boltej ɗin da ke shigowa yake da wani tsayayyen boltej don ya kunna rile ko ya kashe. A irin wannan haɗi ba mayarwa mai ragewa, an so fitar ta riƙa maƙalewa sama ko ƙasa, kuma ganin bolt ɗaya ko biyu tsakanin ƙafa ta 2 da ta 3 shi ne lafiyarsa.